Hoton ambaliya ya shigo guruf: na yau ne ko na wata shekarar?

Da safiyar Talata, 10 ga Satumban 2024, ko karin kumallo ban yi ba Goggo ta kira ni muryarta na rawa. Ruwan madatsar Alau ya shiga Maiduguri cikin dare, ɗanta kuma yana zaune a Gwange da iyalinsa, ta yi ta neman wayarsa ba ta shiga. Sai ga wani hoto a guruf ɗinmu na dangi: titi ya koma kogi, ruwa ya kai rabin ƙofofin shaguna, ga kwalekwale cike da mata da yara, an rubuta a ƙasa cewa Gwange ce yanzun nan.

Ta ce, “Ka ga hoton nan kuwa? Duba mini matan da ke cikin jirgin nan, ko akwai matar ɗan'uwanka. Ni idona ya ƙi.”

Na ce, “Goggo, ki yi haƙuri ki ba ni minti goma, zan kira ki.”

Ambaliyar Maiduguri gaskiya ce, babu mai musu. Ruwa ya ci Gwange da Fori, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa, har dabbobin gidan zu ya kwasa. Amma hoton da ya hana Goggo sakat ba na Maiduguri ba ne, kuma ba na shekarar 2024 ba ne. Abin da nake so mu fara rabewa ke nan, domin a nan mafi yawanmu muke ruɗewa. Labari yana iya zama gaskiya, hoton da aka manna masa ya zama na aro. Yawancin hotunan ambaliya da ke yaudarar mutane ba haɗa su aka yi ba, wani ne ya ɗauke su da wayarsa a wani gari, a wata shekara, ruwan da ke ciki kuma ya taɓa cin gidajen bayin Allah da gaske. Ƙaryar tana cikin rubutun da ke ƙarƙashi. Saboda haka tambayar da za ka yi wa hoto biyu ce: ina ne nan, kuma yaushe ne?

Dalilin da ya sa hoton ambaliya ya fi sauƙin sake yawo shi ne ruwa yana rufe shaida. Kwalta, kwalbati, shatale-tale, fentin gefen titi, duk abin da ɗan gari zai kalla ya ce “nan ai wajenmu ne” yana ƙarƙashin ruwa. Abin da ya rage a sama rufin kwano ne da turakun lantarki da jan ruwa, waɗannan kuwa iri ɗaya ne daga Hadeja har Lokoja, har ma da wasu ƙasashen. Ga shi kuma a sa'o'in farko na bala'i waɗanda abin ya shafa suna ta kansu, ba wuta, ba caji, sabis ya ɗauke. Jama'a na neman su gani da ido, hoton gaskiya bai fito ba tukuna, sai tsofaffi su cike gurbin.

Abu na farko da na yi shi ne na buɗe hoton ya cika fuskar waya, na ja shi da yatsu biyu, na daina kallon mutanen da ke cikin kwalekwalen. Wannan yana da wuya, don ido wajen mai kuka yake zuwa. Amma shaidar tana gefe-gefe da can baya. A bayan gidajen da ke hoton akwai dogon tsauni lulluɓe da itatuwa. Duk wanda ya taɓa zuwa Maiduguri ya san shimfiɗaɗɗen gari ne, za ka juya gabas da yamma ba ka ga tudun da ya tare maka ido ba. Na biyu, a bakin ruwa inda ƙasa ta ɗan fito, ga 'yan acaɓa sun yi layi suna jiran waɗanda za su sauka daga jirgi. An hana hawa babur a cikin Maiduguri tun 2011, keke mai ƙafa uku ce abin hawan gari. Na uku, ga bishiyoyin kwakwar manja a tsakanin gidaje, alhali inuwar Maiduguri ta darbejiya ce. Kowanne daga cikin ukun nan shi kaɗai ana iya samar masa uzuri, amma haɗuwarsu a hoto ɗaya ta ishe ni in san ba Gwange nake kallo ba.

Akwai wasu abubuwan da ke faɗin sunan wuri ko mai turowa ya ɓoye. Lambar mota ita ce kan gaba. A lambobin Najeriya sunan jiha yana sama, da kirarinta a ƙarƙashi: ta Borno “Home of Peace”, ta Kogi “The Confluence State”, ta Kano “Centre of Commerce”. Mota ɗaya ba hujja ba ce, mota tafiya take yi. Amma in ka ga keken haya uku ko huɗu duk da lambar jiha guda, to da wuya a ce ba a jihar ake ba, don su ba sa nisa da gida. Sai rubutun allunan shaguna. In da Faransanci ne, ka tuna da Yamai ko Marwa ko Injamena, waɗanda su ma ruwa yana cin su. In da haruffan Larabci ne zalla, ko na Urdu, ka tuna da ambaliyar Pakistan ta 2022 da ta garin Darna na Libiya a Satumban 2023, waɗanda hotunansu suka cika intanet. Ka duba kuma hannun da motoci ke bi. Mu dama muke bi tun 1972, su Kenya da Indiya da Pakistan hagu. Sai dai a nan a yi hattara, ana iya juya hoto kamar a madubi, dama ta koma hagu. Za ka gane an yi haka idan rubutun allo ya koma baibai.

Sanin cewa ba Gwange ba ce rabin aiki ne. Ina so in san daga ina ya fito, don in na ce wa Goggo “ba nan ba ne” kawai, zuciyarta ba za ta kwanta ba. Sai na koma ga bincike da hoton kansa. Yadda ake yi shi ne, maimakon ka rubuta kalmomi a nemo maka hoto, sai ka ba da hoton a nemo maka shafukan da ya taɓa fitowa. A wayar Android hanya mafi kusa ita ce Google Lens: ka ajiye hoton a waya, ka buɗe Google, ka taɓa alamar kyamara da ke gefen wajen rubutu, ka zaɓi hoton. Zai fara kawo maka hotuna masu kama da shi, waɗannan ba su kake nema ba, don duk titin da ruwa ya ci yana kama da ɗan'uwansa. Ka nemi inda aka rubuta Exact matches, nan ne ake jera shafukan da ke ɗauke da wannan hoton takamaimai. Ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya kana duba ranar da aka wallafa.

A karon farko ban sami komai ba. Dalili kuwa, abin da aka turo mana hoton fuskar waya ne, wani ya ɗauko daga shafinsa, da baƙin gefe sama da ƙasa, ga jan rubutu an shimfiɗa a kai, ga alamar fuska mai hawaye. Duk wannan tarkacen yana rikita na'ura. Sai na yanke hoton, na zubar da gefunan da rubutun, na bar kwalekwalen da shagunan da tsaunin. Ina sake turawa sai ga shi a shafukan labarai na watan Oktoban 2022, a cikin rahotannin ambaliyar Lokoja, wajen hanyar Ganaja, lokacin da kwalekwale ya zama motar haya a unguwar. Tsaunin da na gani ashe irin tsaunukan da suka kewaye Lokoja ne. Shekara biyu ke nan hoton yana kwance kafin a tashe shi a ba shi sabon gari.

In Google bai kawo ba, kada ka tsaya nan. Kowane injin bincike da rumbunsa. Shafin TinEye yana da wani amfani da ya dace da wannan aikin sosai: bayan ya kawo sakamako, za ka iya zaɓar Oldest ya jera maka daga mafi daɗewa. Yandex da Bing su ma suna karɓar hoto, wani lokacin su gano abin da sauran suka rasa. In ka yi zargin an juya hoton, ka juya shi da kanka ka sake turawa. In kuma bidiyo ne, ka tsayar da shi a wurare uku ko huɗu inda gini ko allo ya fito sosai, ka ɗauki hoton fuskar wayar, ka bincika kowanne daban. Sa'an nan idan ka fara zargin wani gari, kana iya tilasta wa Google ya nuna maka tsofaffin shafuka kaɗai, ta hanyar ƙara rana a ƙarshen abin da ka rubuta:

```
Lokoja flood Ganaja road before:2023-01-01
```

Yanzu ga wurin da nake so a natsu, don shi ne ƙashin bayan maganar. Wannan binciken hannu ɗaya yake yanka. Idan ka sami hoton a shafin da aka wallafa a 2022, magana ta ƙare, ba zai taɓa zama na 2024 ba, hoto ba ya riga ranar ɗaukarsa fitowa. Amma idan ba ka same shi ko'ina ba, hakan bai tabbatar da cewa sabo ne ba. Injinan nan ba sa ganin abin da ke cikin guruf-guruf na WhatsApp, kuma abu kaɗan suke gani na Facebook da TikTok. Hoton da wani ya ɗauka a Ringim ko Auyo shekara biyar da suka wuce, ya tura wa abokansa goma, yana iya zama bai taɓa hawa shafin da na'ura za ta gani ba. Mu kuwa a Arewa yawancin hotunanmu ta wannan hanyar suke yawo. Na sha jin mutum ya ce “na bincika ban ga komai ba, ashe gaskiya ne”, wannan kuskure ne babba. Haka nan ranar da ka gani a shafi mafi daɗewa ba lallai ita ce ranar ɗauka ba. Abin da take gaya maka shi ne hoton ya kai wannan shekarun aƙalla, yana iya fin haka.

Lamarin da ya fi wahala shi ne idan garin daidai ne, shekarar ce ba daidai ba. Ruwa hanyarsa yake bi. Lokoja, inda kogin Kwara da na Binuwai suka haɗu, ta sha babbar ambaliya a 2012, ta sake sha a 2022, kusan unguwanni ɗaya, tituna ɗaya. Ita kanta madatsar Alau ta taɓa cin Maiduguri a 1994. A irin wannan, tsauni da bishiya da lambar jiha ba za su taimake ka ba, ɗan garin ma zai rantse maka cewa titinsu ne, kuma gaskiyarsa. Sai ka nemi abin da ke canzawa da shekaru.

Gidan mai, in ya fito a hoto, babbar kyauta ce. A 2012 litar fetur naira 97 ce, a 2016 ta koma 145, bayan cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023 ta tashi zuwa wajen 500 ta ci gaba da hawa. Allon da ke nuna 97 ya gama faɗin shekarunsa. Fostocin siyasa ma haka: jam'iyyar APC sai a 2013 aka kafa ta, don haka bangon da ke ɗauke da sunan APC ba na ambaliyar 2012 ba ne. Kamfanoni suna sauya suna: Etisalat ya koma 9mobile a 2017, Skye Bank ya koma Polaris a 2018, Diamond Bank ya narke cikin Access a 2019. Lambobin mota ma an sauya tsarinsu a 2011, haruffa uku na ƙaramar hukuma da suke a ƙarshe suka dawo farko. Sai gadar sama ko sabon gini da kowa ya san shekarar da aka yi shi.

Amma wajen karanta waɗannan alamomin akwai ƙa'ida. Sabon abu a hoto hujja ce mai ƙarfi, tsohon abu kuwa raunanniya ce. In ka ga allon 9mobile, ka tabbata hoton bai girmi 2017 ba. In kuwa fentin Etisalat ka gani a jikin shagon mai caji, kada ka yi saurin yanke hukunci, don har gobe akwai shagunan da ba su sake fenti ba, akwai motoci masu tsohuwar lamba, akwai fostar ɗan takarar da ya faɗi zaɓe tun tuni tana nan manne a turken lantarki. Farashin mai ne ya fita daban, shi ba a barin tsohonsa a allo in dai gidan yana sayarwa. Abin da ake so shi ne tsofaffin alamomi su taru da yawa, kuma a rasa sabo ko ɗaya a wurin da ya kamata a gan shi.

Mutane da yawa suna kafa hujja da yanayin sama, su ce ai jiya ba a yi ruwa a garin ba, ko ga rana tana haskawa a hoton, don haka ƙarya ne. Wannan yana aiki ne ga ambaliya iri ɗaya kawai, wato wadda ruwan sama mai ƙarfi ke haddasawa idan magudanai sun toshe, irin wadda ke tsayar da motoci a titunan Kano ko Legas ta janye cikin 'yan sa'o'i. Ita kam in ba a yi ruwa ba, babu ita. Amma ambaliyar kogi ko ta madatsa daban take. Ruwan da ke cin Lokoja daga nesa yake tahowa, wani daga madatsar Lagdo ta Kamaru ta Binuwai, kuma yakan kai ƙololuwa ne a ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, lokacin da damina ta fara ja da baya a Arewa. Yana iya kwana ashirin a titi ana ƙwalla rana. Abin da yanayi zai yi maka da gaske shi ne ya nuna kakar shekara: in ana cewa Agusta ne amma ga hazo, ga ciyawa ta bushe, ga mutane cikin rigunan sanyi, to da sake.

Wani abin da ke ruɗa har masu ilimi shi ne ranar da waya ke nunawa. Wani ƙanena a guruf ɗin ya ce ai ya duba bayanan hoton, ya ga ranar 10 ga Satumba. Ga irin sunan da ya gani, da kuma irin wanda kyamarar waya da yawa ke bayarwa:

```
IMG-20240910-WA0007.jpg
IMG_20240910_071532.jpg
```

Na sama, mai WA a ciki, WhatsApp ne ya raɗa masa, kuma ranar da ke jiki ranar da hoton ya shigo wayarka ce. Ko hoton bikin kakanka aka turo maka yau, ranar yau zai ɗauka. Na ƙasa shi ne irin sunan da kyamara ke sakawa a lokacin ɗauka, har da sa'a da minti. Kyamara tana kuma ɓoye wasu bayanai a cikin hoton, ranar ɗauka da samfurin waya, wani lokacin har da wurin, amma WhatsApp da Facebook suna goge su idan aka tura ta hanyar da aka saba. Don haka in wani ya ce shi ya ɗauka da hannunsa, ka roƙe shi ya sake turo maka ta Document, a nan bayanan ba sa gogewa. Ko su ɗin ba wahayi ba ne, agogon waya yana iya zama ba daidai ba, kuma mai niyya yana iya sauya su. Abin da ya fi su ƙarfi a wurina shi ne ka ce ya ƙaro maka hoto biyu na wurin daga wani ɓangaren, ko gajeren bidiyo yana faɗin rana. Wanda yake tsaye a bakin ruwan ba zai rasa ba. Wanda ya tsinto kuwa hoto ɗaya tak gare shi, kuma da ka matsa za ka ji “ni ma turo mini aka yi”. Idan ka ga kibiya biyu da rubutun Forwarded many times a saman saƙo, ka san ya bi hannaye da yawa, mai turo maka bai san mafarinsa ba.

Ina ɗaukar wannan da zafi ne saboda na ga abin da yake jawowa. Akwai masu ɗora lambar asusun banki a ƙarƙashin tsohon hoto, su karɓe sadakar da aka yi niyyar kai wa waɗanda ruwa ya kora da gaske. Akwai direban da zai fasa hanya mai kyau ya bi mai haɗari don an nuna masa gadar da ta karye a wata shekarar. Sa'an nan duk lokacin da aka kama hoto ɗaya na aro, sai wasu su ce duk labarin ma zuƙi ta malle ce, mutanen da ke kan rufin gidajensu suna jiran jirgi su ne za su biya kuɗin wannan shakkun. Shi ya sa idan zan yi gyara a guruf nake haɗa magana biyu a saƙo ɗaya: ambaliyar gaskiya ce, wannan hoton ne na wani wuri, ga shafin da ya fito a 2022. Ba na cewa wane ya yi ƙarya, don galibi wanda ya turo tausayi ne ya sa shi, kuma dattijon da aka kunyata a gaban 'ya'yansa ba zai goge ba, kare kansa zai shiga yi. Idan kuma hoton ya riga ya bazu sosai, yana da kyau a leƙa shafukan masu tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check, sau da yawa sun riga sun bi sawunsa, a duba kuma ko hukumar agajin gaggawa ta NEMA ko gidajen rediyon garin sun ambaci unguwar da ake magana.

Na kira Goggo kafin minti goman su cika. Na ce mata hoton na Lokoja ne, na shekara biyu da suka wuce, matan da ke cikin jirgin babu surukarta a ciki. Ta yi hamdala, ta yi shiru, sai ta ce, “To amma ruwan ya shiga Gwangen ko?” Na ce ya shiga, Goggo, wannan kam gaskiya ne, kuma abin da na gano bai gaya mana halin da suke ciki ba. Muka raba aiki, ita ta ci gaba da gwada lambarsa, ni na shiga neman abokan kasuwancinsa da ke unguwannin da ruwa bai kai ba. Sai bayan la'asar ya kira da wayar wani, yana cewa sun fita da yaran tun cikin dare, kayan ɗaki dai ruwa ya tafi da su.